Yadda Za Ka Gwada Hotunan Talla Biyu: Hasashenka Da Abin Da Alƙaluma Za Su Nuna

Masu sayar da kaya a Facebook da Instagram sun daɗe suna turo tambaya iri ɗaya: ga hotuna biyu na kaya ɗaya, wanne zan saka wa kuɗi? Amsar gaskiya ita ce ido yana iya tsamo hoton da ya lalace, amma idan duka biyun suna da kyau daidai gwargwado, ko gwanin talla canka yake yi. Don haka aikin kashi biyu ne. Za ka fara da hasashe ka rubuta shi, sannan ka yi gwajin da zai tabbatar da shi ko ya ƙaryata shi.

Za mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe: mai sayar da takalman fata na maza a Kano, ƙafa ɗaya naira 15,000, ribarsa a kowace naira 4,000, ciniki kuma a WhatsApp ake ƙulla shi. Alƙaluman misalin an tsara su ne don koyarwa, naka za su bambanta da su, amma lissafin ɗaya ne.

Mataki na 1: Yanke abin da kake kira nasara

Kafin ka kalli hotunan, zauna ka yanke da me za ka auna su. Talla tana da matakala: mutum ya ga hoto, ya danna, ya turo saƙo, ya nuna da gaske yake, ya biya. Hoton da ya yi fice a matakin farko yana iya zama na baya a matakin ƙarshe, kuma wannan ba baƙon abu ba ne.

Kuɗin da ya shigo shi ne ma'auni na ainihi, sai dai ƙaramin ɗan kasuwa ba ya samun ciniki mai yawan da za a yanke hukunci da shi cikin mako ɗaya ko biyu. Dannawa kuwa tana da yawa amma ba ta cika faɗin gaskiya ba, domin akwai masu danna duk abin da ya ja idonsu alhali babu ko sisi a aljihunsu. Mafita ita ce ka zaɓi wani mataki na tsakiya wanda yake kusa da biyan kuɗi kuma yana faruwa da ɗan yawa. Ga mai takalmi, wannan matakin shi ne mutum ya faɗi lambar ƙafarsa bayan ya san farashi. Ga mai atamfa ko leshi, mutum ya zaɓi kala ya tambayi kuɗin aikawa. Ga mai turaren wuta, ya faɗi girman kwalbar da yake so da garin da yake.

Gargaɗi: ma'auni ɗaya za ka zaɓa, kuma yanzu za ka zaɓe shi. Idan ka bari sai sakamako ya fito, zuciyarka za ta lalubo ma'aunin da hoton da kake so ya ci, ka ce shi ne ma'aunin da ka nufa tun farko.

Mataki na 2: Shirya hotunan biyu

Girmansu ya zama ɗaya. Idan ɗaya 1080 × 1350 ne, ɗayan ma haka, domin hoto mai tsawo ya fi cika fuskar waya, kuma wannan kaɗai yana iya ba shi rinjaye ba tare da ya fi kyau ba. Rubutun da ke saman talla, kanun da ke ƙasa, maɓallin dannawa, duk su zama iri ɗaya harafi da harafi.

A misalinmu, hoton A an ɗauke shi a ɗakin hoto: takalmin a kan farin fili, haske ya zauna, babu rubutu ko kaɗan. Hoton B kuwa da waya aka ɗauka a bakin shago, hannu na riƙe da takalmin an juyo ɗinkin gefensa, an rubuta ₦15,000 da manyan baƙi a kusurwa.

Lura da cewa waɗannan hotuna sun bambanta ta hanya biyu, salon ɗauka da kuma farashi. Wannan ba laifi ba ne idan tambayarka ita ce wanne zan saka wa kuɗi. Amma idan B ya ci, ba za ka iya cewa farashin ne ya jawo ko hannun da ke riƙe da takalmin ba. Wanda yake son sanin dalili, to abu ɗaya tak zai canza. Shawarar da ta fi dacewa da mai ƙaramin kasafi ita ce ya fara da hotunan da suka yi nisa da juna sosai. Canza kalar rubutu daga ja zuwa ruwan goro ba zai kawo bambancin da naira dubu ɗari za ta iya ganowa ba.

Mataki na 3: Yi hasashe yadda ya kamata

Yawancin mutane suna jera hotunan biyu a babbar fuskar kwamfuta, ko su tura wa 'yan uwa a WhatsApp su ce wanne ya fi kyau. Duka hanyoyin biyu suna ɓatar da mutum, saboda ba haka mai saye zai gamu da tallar ba. Shi hoto ɗaya zai gani, a tsakanin labarin siyasa da hoton biki, yana jan yatsa da sauri, wataƙila a cikin adaidaita sahu rana na dukan fuskar wayarsa.

Ga yadda za ka kusanci wannan yanayin. Tura hotunan cikin ƙaramar waya mai arha, ka rage haskenta zuwa rabi. Nemo mutum 10 waɗanda suka yi kama da masu sayen kayanka, ba abokan sana'a ba kuma ba wanda ya san kai ne ka ɗauki hoton ba. Biyar ka nuna musu A, biyar ka nuna musu B, daƙiƙa biyu kacal, sai ka kife wayar. Tambayoyi uku za ka yi: me ake sayarwa, nawa kake jin kuɗinsa, kuma idan kana so me za ka yi. Idan mutum uku cikin biyar ba su gane abin da ake sayarwa ba, wannan hoton ya faɗi tun a nan, kada ka ɓata kuɗi a kansa. A irin wannan wurin ne hasashe yake da ƙarfi: hoto mai duhu, rubutun da ba ya karantuwa, kaya biyar a cunkushe wuri ɗaya, ko kayan da ya yi ƙanƙanta a tsakiyar ado.

Amsar tambaya ta biyu tana da amfani fiye da yadda ake zato. Idan masu kallon A suna cewa takalmin zai kai dubu talatin, wasu masu iya biyan dubu goma sha biyar za su wuce don suna jin ya fi ƙarfinsu. Idan kuma suna cewa dubu shida, to ka shirya amsa saƙonnin mutanen da za su ɓace da zarar sun ji farashi.

Akwai kuma Ad Library na kamfanin Meta mai Facebook da Instagram, kyauta ne, yana nuna tallace-tallacen da shafuka ke gudanarwa da ranar da kowace ta fara. Tallar da ta shafe watanni tana gudana alama ce cewa mai ita bai ga dalilin kashe ta ba. Alama ce kawai, domin ba ka ganin cinikinsa.

Abin da ido ba ya iya hangowa shi ne wanda zai ci tsakanin hotuna biyu masu lafiya. Ronny Kohavi, wanda ya jagoranci sashen gwaje-gwaje a Microsoft, ya bayyana cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na dabarun da suka gwada suka inganta abin da aka yi su dominsa, sauran ko dai ba su canza komai ba ko sun ɓata. A yaƙin neman zaɓen Obama na 2008 ma, ma'aikatan sun fi karkata ga wani bidiyo don shafin rajistar magoya baya, amma da aka gwada sai hoton iyalinsa ya doke duk bidiyoyin. Waɗannan ƙwararru ne masu albashi a kan aikin, saboda haka kada ka ji kunya idan naka hasashen ya sha ƙasa.

Mataki na 4: Rubuta hasashen

Buɗe littafi ka rubuta kwanan wata, hoton da kake ganin zai ci, a wane ma'auni, da irin tabbacin da kake da shi cikin ɗari, da dalili a jimla ɗaya. Mai takalminmu ya riga ya tambayi mutum 10 wanne ya fi kyau, 8 suka ce A. Sai ya rubuta: A zai fi kawo masu faɗin lambar ƙafa, tabbaci 80 cikin 100, domin ya fi nuna kaya mai daraja.

Rubutun nan minti biyu ne, amma idan babu shi, bayan sakamako ya fito za ka ji kamar dama ka san haka za a yi, ko da kuwa akasin haka ka zata.

Mataki na 5: Lissafa kuɗin da gwajin zai ci

Nan ne yawancin gwaje-gwaje ke mutuwa tun kafin a fara su. Mutum ya saka naira dubu biyar a kowane hoto, ya sami saƙo 14 a ɗaya 10 a ɗayan, ya ce ya gano zakara. Bai gano komai ba, domin ko hoto ɗaya ka saka sau biyu, irin wannan tazarar tana fitowa.

Ga ƙa'ida mai sauƙi da za ka yi da kalkuletar waya, muddin an kashe wa hotunan biyu kuɗi daidai. Haɗa sakamakon biyun, danna alamar √, ninka abin da ya fito sau biyu. Tazarar da ke tsakanin hotunan dole ta wuce wannan adadin kafin ka yarda da ita.

```
|A − B| > 2 × √(A + B)
```

A misalin 14 da 10, jimla 24 ce, √24 kusan 4.9, ninki biyu 9.8. Tazarar 4 ce kawai, ko rabin abin da ake nema ba ta kai ba.

Daga wannan ƙa'idar za ka iya sanin yawan sakamakon da kake bukata. Idan hoto ɗaya ya ninka ɗayan, sakamako 12 da 24 sun kai bakin iyaka. Idan ya fi shi da rabi, sai wajen 40 da 60. Idan fifikon kashi 20 cikin 100 ne, kana bukatar wajen 220 da 264. Kashi 10 cikin 100 kuwa sai ka haura 800 a kowane ɓangare. Waɗannan adadi bakin iyaka ne, wanda ya tsaya daidai kansu kusan rabin lokaci bambancin zai kuɓuce masa ko da akwai shi, don haka mai son kwanciyar hankali ya ninka su biyu.

Yanzu duba tallarka ta baya ka ga nawa kowane sakamako yake cin ka. A ce mai takalmi yana samun mai faɗin lambar ƙafa ɗaya a kan kusan naira 1,200. Don ya tara wajen 40 a kowane ɓangare, sai ya ware naira 50,000 ga kowane hoto, jimla 100,000. Ya raba naira 5,000 kullum ga kowanne na tsawon kwana 10. A Najeriya akwai harajin kashi 7.5 cikin 100 da ake ɗorawa a kan kuɗin tallar Meta, wato ƙarin naira 7,500, sai a sa shi cikin lissafi.

Kuɗin nan ba asara ba ne, tunda hotunan biyu duk suna sayar da kaya a lokacin gwajin. Ainihin abin da gwajin ke ci shi ne rabin kasafin da ya tafi ga hoton da ya fi rauni. Idan lissafi ya nuna aljihunka ba zai kai ba, ko dai ka sauko mataki ɗaya ka auna da yawan saƙonni kana sane da rauninsa, ko ka haƙura da gwajin ka bi hasashenka. Gwajin da bai ƙoshi ba ya fi rashin gwaji illa, domin yana ba ka tabbacin ƙarya.

Gargaɗi ga masu biya ta hanyar zuba kuɗi a asusun talla tun gaba: zuba na kwana goman gaba ɗaya. Idan kuɗi ya ƙare a kwana na huɗu talla ta tsaya yini guda, gwajin ya sami tawaya.

Mataki na 6: Kafa gwajin a Ads Manager

Yi aikin a Ads Manager, shafin Meta na sarrafa talla, ta kwamfuta ko ta burauzar waya. Maɓallin Boost post bai dace da wannan aikin ba.

Ƙirƙiri kamfe mai manufar Engagement, ka zaɓi WhatsApp a matsayin inda saƙo zai sauka. Saita gari, shekaru da jinsi yadda ka saba, ka saka hoton A. Daga nan zaɓi kamfen ka danna A/B test, ka ce a kwafi tallar, abin da za a canza kuma Creative ne. A cikin kwafin, cire hoton A ka sa B, kada ka taɓa komai bayan wannan. Wurin maɓallan yana sauyawa lokaci zuwa lokaci, idan ba ka gan shi ba nemi sashen Experiments. Wajen zaɓen ma'auni, Cost per result ya isa. Meta tana ba da shawarar gwaji ya kai aƙalla kwana 7, kuma ba ya wuce kwana 30.

Amfanin wannan kayan aikin shi ne yana raba jama'a gida biyu, wanda ya faɗa rukunin A ba zai ga B ba, kuma kowane rukuni yana da kasafinsa. Mutane da yawa suna tsallake shi su zuba hotunan biyu cikin Ad set ɗaya, wato rukunin talla mai kasafi ɗaya. Abin da ke faruwa a nan shi ne na'urar Meta tana lura da wanda ya fara samun amsa a sa'o'in farko, sai ta karkata kuɗin gare shi. Bayan kwana uku za ka tarar ɗaya ya ci naira 27,000 ɗayan 3,000, kuma na biyun ba a ba shi damar nuna kansa ba. Haka ma gwada A a wannan makon B a mako mai zuwa: idan albashi ya shigo a tsakani, ko Sallah ta matso, kalanda ka auna.

Abubuwa uku da za ka duba kafin ka danna Publish. Na farko, kashe gyare-gyaren Advantage+ creative, domin suna iya yanke hoton, ƙara masa haske ko sauya tsarin rubutu, sai ya zama ba abin da ka ɗora ake nunawa ba. Na biyu, idan ka ga zaɓin a tsayar da gwaji da wuri idan an sami wanda ya ci, kada ka kunna shi. Na uku, buɗe samfotin tallar a Feed da Stories da Reels ka tabbatar ba a datse farashin da ke kusurwar hoton B ba. Idan yana datsewa, yi wa hotunan biyu sigar 1080 × 1920, ko ka taƙaita gwajin a Feed kaɗai.

Mataki na 7: Shirya WhatsApp don ƙirga

Meta tana ƙirga wanda ya fara hira, amma ba ta san wanda ya faɗi lambar ƙafarsa ko ya turo kuɗi ba. Wannan ƙirgar taka ce. A saƙon farko da ake rubuta wa mai dannawa, sa 'yar alama a ƙarshe: tallar farko "Salam, ina son takalmin nan (T1)", ta biyu kalmomi iri ɗaya da (T2). A WhatsApp Business ƙirƙiri lakabi guda shida, uku ga kowane hoto: ya turo saƙo, ya faɗi lamba, ya biya. Duk hirar da ta shigo a liƙa mata lakabinta nan take.

Mutum ɗaya ne zai riƙa amsawa, da kalmomi iri ɗaya, da sauri iri ɗaya. Idan yaron shago ya san maigida na son A, ba da gangan ba zai fi lallashin masu T1. Kada kuma a yi wa wani ɓangare ragi a hana ɗayan.

Mataki na 8: Ka bar shi ya yi aikinsa

Wannan mataki ba shi da aiki, amma shi ya fi wuya. Kada ka canza rubutu, kasafi ko gari har kwanakin su cika. Kowace sabuwar talla tana shiga matakin da Meta ke kira Learning, inda na'urar ke laluben waɗanda suka fi amsawa, kuma tana bukatar sakamako wajen 50 cikin mako kafin ta daidaita. Babban gyara yana mayar da ita farko.

A kwana biyun farko na misalinmu, B yana da saƙo 22, A yana da 17. Ka gwada ƙa'idar: √39 kusan 6.2, ninki biyu 12.5, tazara 5. Babu labari a nan, kuma za ka ga yadda abin ya juye daga baya. Wanda yake leƙawa kullum da niyyar tsayarwa ranar da tazara ta yi masa daɗi, kusan ko yaushe zai sami irin wannan ranar, ko da hotunan ƙarfinsu ɗaya. Leƙa don ka tabbatar tallar biyu suna gudana, ba a ƙi amincewa da ɗaya ba, kuma kuɗin da suke ci yana tafiya kafaɗa da kafaɗa. Iyakar abin da za ka duba ke nan.

Mataki na 9: Karanta sakamakon

Kwana 10 sun cika, kowane hoto ya ci naira 50,000. An nuna A sau 41,000, aka danna shi sau 820, wato kashi 2 cikin 100. An nuna B sau 38,000, aka danna sau 570, kashi 1.5. Wajen duba wannan, ginshiƙin CTR (link click-through rate) za ka kalla, domin CTR (all) yana haɗawa da masu danna hoton don su ƙara girmansa da masu danna sunan shafi.

A ya kawo hira 150, kowace a kan kusan naira 333. B ya kawo 104, kowace kusan naira 481. Jimla 254, √254 kusan 15.9, ninki biyu kusan 32, tazara 46. A ya ci wannan zagayen da gaske, kuma shi Meta za ta sanya wa alamar nasara, tunda iyakar abin da take gani ke nan. Mutum takwas ɗin da suka zaɓi A ba su yi kuskure ba game da abin da ke jan ido.

Sai a buɗe lakaban WhatsApp. Cikin 150 na A, mutum 31 ne suka faɗi lambar ƙafa. Sauran yawanci "nawa ne?" suka rubuta, aka faɗa musu, suka yi shiru. Cikin 104 na B, 55 suka faɗi lamba, da yawansu ma da ita suka buɗe hirar. Jimla 86, √86 kusan 9.3, ninki biyu 18.5, tazara 24. A ma'aunin da aka zaɓa tun mataki na 1, B ne ya ci, hasashen mai tabbacin 80 cikin 100 ya faɗi. Bayanin da ya fi kusa shi ne farashin da ke jikin B ya tace mutane tun kafin su danna, amma kamar yadda aka faɗa a mataki na 2, wannan gwajin bai isa ya rantse da hakan ba.

Ciniki fa? A ya sayar da 12, ribar naira 48,000, bai ma mayar da kuɗin tallarsa ba. B ya sayar da 21, ribar naira 84,000. A ido tazarar babba ce, amma √33 kusan 5.7 ne, ninki biyu 11.5, tazara kuma 9. Ita kaɗai ba ta kai a yanke hukunci da ita ba. Abin da za a ce shi ne ta nufi ɓangaren da ma'aunin farko ya nuna, kuma wannan ya isa a mayar da kasafi kan B. Kada dai mai takalmi ya zauna yana lissafin cewa B zai ci gaba da ninka cinikin A kusan sau biyu, domin tazarar da aka gani a ƙaramin gwaji sau da yawa tana raguwa idan aka ci gaba. Ka kuma jira kwana uku ko huɗu bayan gwaji kafin ka rufe ƙirgar ciniki, saboda masu cewa sai albashi ya shigo.

Game da adadin tabbacin da Meta ke nunawa a rahotonta: tana iya ayyana wanda ya ci da tabbacin kashi 65 cikin 100. Wannan ya ɗara jefa kwabo sama, amma ba da nisa ba. Idan ka ga 65 ko 70, ɗauke shi a matsayin ba a rabu ba.

Idan tazara ba ta kai ba a ma'auninka, wannan ma amsa ce: hotunan sun yi kusa da juna, ɗauki wanda ya fi sauƙin samarwa, ka tanadi kuɗin gwaji don wani hoton da ya bambanta sosai.

Mataki na 10: San iyakar abin da ka gano

Ko da an raba jama'a gida biyu, a cikin kowane gida na'urar Meta ce ke zaɓar wa za ta nuna wa tallar, kuma tana bin waɗanda suka fi amsa wa wannan hoton. Danna Breakdown ka duba shekaru, jinsi da wurin da aka nuna tallar. Kana iya tarar da A ya fi zuwa wa matasa 'yan 18 zuwa 24 a Instagram, B kuma ya fi zuwa wa magidanta 'yan 35 zuwa sama a Facebook. To abin da ka auna shi ne hoton haɗe da mutanen da na'urar ta nemo masa. Don yanke shawarar inda za ka sa kuɗi a Meta, wannan ya wadatar. Amma bai zama hujjar cewa B zai fi A a allon talla na bakin titi ko a Status ɗinka na WhatsApp ba. Haka kuma kada ka shiga yanka sakamakon gunduwa-gunduwa kana neman rukunin da A ya ci, mutum shida da huɗu ba sa tabbatar da komai.

Hoton da ya ci ma yana gajiya. Sa ido a ginshiƙin Frequency, wato matsakaicin sau nawa mutum ɗaya ya ga tallar: idan yana hawa, kuɗin kowane sakamako ma yana hawa mako bayan mako, mutanen garin sun gama ganinsa, lokacin kawo sabon abokin karawa ya yi. Sakamakon da aka samu ana saura mako biyu Sallah kuma a sake duba shi bayan Sallah.

Gwaji na gaba ga mai takalmi a fili yake: hoton ɗakin hoto da farashi a jikinsa, a kara shi da B. Wannan karon abu ɗaya ne ya bambanta, salon ɗauka, don haka amsar za ta faɗi dalili.

Mataki na 11: Auna idonka

Koma littafin ka rubuta sakamako a gefen hasashen: ya ci, ya faɗi, ko ba a rabu ba. Waɗanda ba a rabu ba kada ka ƙirga su a kowane ɓangare. Kada ka yi saurin yaba wa kanka, domin mai canka kawai yana samun 7 ko fiye cikin 10 kusan sau ɗaya a kowane shida. Sai ka kai wajen 15 cikin 20 kafin a ce idonka yana ganin wani abu, tunda sa'a kaɗai ba ta kai mutum nan sai kusan sau 2 cikin 100.

Duba kuma ginshiƙin tabbaci da na dalili. Idan a wuraren da ka rubuta 80 cikin 100 rabi kawai kake ci, rage amincewa da zaɓinka ka ƙara gwaji. Idan kuma ka lura duk lokacin da dalilinka ya shafi bayyanar kaya ko farashi kana ci, amma duk lokacin da ya shafi kyau da ado kana faɗi, to irin na farkon za ka iya yanke su da ido ka wuce, na biyun su ne za ka riƙa ware wa naira dubu ɗarin gwaji.